Ma'aunin Maiɗinki

Baba Tsaf ake ce masa a gidan, kuma ba don ba'a kaɗai ba. Mutum ne da bai iya wuce abu a karkace. Ko takalman baƙi ya gani a ƙofar wani sai ya sunkuya ya jera su, bakinsu ɗaya, kafin ya ci gaba da tafiya. Shekara ashirin da biyu yana kula da wannan bene mai hawa tara. Shi ke kunna famfo da safe, shi ke canza ƙwan fitilar matakala, shi ya san makullin da sai an ɗaga ƙofa kaɗan kafin ya juya. Yaran da aka haifa a gidan sun girma suna zaton shi ma tare da ginin aka gina shi.

Shi da matarsa suna zaune a ɗakin ƙarƙashin matakala. Ita kuwa kowa Maiɗinki yake kiranta, saboda kekenta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da ɗakin ya yi musu kaɗan, ya roƙi manajan gidan na wancan lokacin, aka bar shi ya jingina ɗan shago a jikin bangon baya. Da hannunsa ya yi shi: bulo, rufin kwano, taga ɗaya mai sandunan ƙarfe. A gindin tagar nan kekenta yake, don nan hasken ya fi kyau. Duk abin da ya yi a duniya, babu wanda yake alfahari da shi kamar shagon nan, sai ko abu ɗaya.

Abin nan ɗaya yana can saman bene. Sanda ce ta jan ƙarfe mai tsini, ta fi tankin ruwa tsawo, an kafa ta a ƙololuwar rufin. Duk farkon damina Baba Tsaf yakan hau da tsumma da ruwan goge ƙarfe, ya dirje ta har ta riƙa ɗaukar ido. A saninsa, ƙyallin nan ne ke korar tsawa. Wa ya faɗa masa? Babu kowa. Haka ya ɗauka tun ranar farko, kuma tunda tsawa ba ta taɓa faɗa wa gidan ba, to ai magana ta ƙare. Idan hadari ya haɗu, yakan leƙa tsakar gida ya ce wa matarsa, “Ki shige shago. Nan ya fi ko'ina aminci, daidai ƙarƙashin sandar yake.” Ita kuma ta kwashe yadinta ta shige.

Sai sabon manaja ya zo, mai son takarda, ya ce a duba kowane abu na gidan kafin damina ta kankama. Haka wata Talata da hantsi wata injiniya ta iso da jakar kayan aiki da hular kwano. Ciyaman, wato shugaban masu haya, tsohon ma'aikacin ofis da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba, ya ce dole da shi za a hau.

A saman rufin Baba Tsaf ya tsaya gefen sandarsa, hannu a baya, yana jiran yabo.

“Wa ke goge wannan?” in ji Injiniya.

“Ni ne, 'yata. Shekara ashirin da biyu. Shi ya sa ko sau ɗaya ba ta matso ba.”

“Wace ce ba ta matso ba?”

“Tsawar mana. Tana ganin ƙyallin sai ta kauce.”

Injiniya ta yi ɗan murmushi, irin na wanda ba ya son ya kunyata babba. “Baba, sannu da ƙoƙari. Amma sandar nan ba ta korar tsawa.”

“To me take yi?”

“Tarbarta take yi.”

Baba Tsaf ya dubi Ciyaman, Ciyaman ya dubi sandar, ya ja baya taku biyu.

“Ku saurara,” ta ce. “Idan tsawa za ta sauko a nan kusa, abin da ya fi tsayi ta fi kamawa. Ginin nan shi ne mafi tsayi a layin. Idan babu sandar, sai ta sauka a kusurwar rufi, ko a tanki, ta fasa siminti. Saboda haka aka kafa mata wurin sauka, a ce mata bismilla, ga nan.”

“A ce mata bismilla,” in ji Ciyaman a hankali. “Wato muna biyan haya, ana gayyato mana tsawa.”

“Ba gayyata ba ce, Ranka ya daɗe. Sandar ba ta kirawo ta daga wata unguwa. Wadda dama za ta faɗo kan gidan ce take karɓa.”

“To ni gogewar da nake yi fa?” Baba Tsaf ya tambaya.

“Ba ta ƙara komai, ba ta rage komai. Ko ta yi baƙi ƙirin aikinta ɗaya.”

Wannan ta yi masa zafi, ba kaɗan ba. Ya ninke tsumman da ya zo da shi ya tura a aljihu. Kansa ya ɗaure: abin da yake zaton mai gadi ne, ashe mai buɗe ƙofa ne. To in ta shigo, ina za ta?

Kamar ta ji shi. Ta durƙusa ta nuna gindin sandar, inda wani shimfiɗaɗɗen jan ƙarfe mai faɗin yatsa biyu, kamar bel, ya fita ya bi rufin, ya lanƙwasa a bakin bango ya gangara. “Abu uku ne, kuma ɗaya ba ya aiki sai da sauran. Sanda ta karɓa. Wannan bel ɗin shi ne hanyar sauka, ya ɗauke ta ta bayan bango zuwa ƙasa, miƙe, ba tare da ta ratsa ɗakin kowa ba. A can ƙasa kuma akwai turke, dogon ƙarfe da aka buga can cikin ƙasa mai danshi, shi yake watsa wutar cikin ƙasa ta ɓace. Kamar indararo ne. Rufi ya tara ruwa, indararo ya sauke, kwata ta tafi da shi.”

“In indararon ya yanke fa?” in ji Ciyaman, wanda ke son ya nuna yana bi.

“Ruwa ya tsaya ne? Zai zuba a inda ya yanke. Ita ma haka. In bel ɗin ya yanke a hanya, wutar ba ta komawa sama. Tsalle take yi ta kama ƙarfen da ya fi kusa, ko bututu, ko taga, ko mutumin da ke jikinsu.”

Baba Tsaf ya bi bel ɗin da ido har inda ya gangara.

Ga abin da ya faru shekara goma sha ɗaya baya, wanda babu wanda ya sani sai shi. Da zai gina shagon, bel ɗin nan ya sauko daidai inda bangon shagon zai haɗu da na gidan. A ƙasa yana shiga wani ɗan rami mai murfin siminti. Shi a ganinsa, aikin duk na sandar sama ne, bel ɗin kuwa don ya riƙe ta ne kada iska ta kayar. Kuma ai an ɗaure shi da ƙusoshi tun daga hawa na tara, wannan ɗan guntun na ƙasa me zai ƙara? Ya sa zarto ya yanke wajen kamu huɗu. Ramin ya cike shi, ya zuba daɓe a kai, sumul. Sai bakin bel ɗin da ya rage ya tsaya yana lilo, shi kuma ba ya barin abu yana lilo. Ya lanƙwasa shi da kyau ta ƙarƙashin rufin kwanon, ya ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen tagar, ya shafe da filasta. Aiki ya yi kyau har ya tsaya yana kallonsa. Guntun da ya yanke kuma bai yar ba, don ba ya yar da abu. Ya miƙar da rabinsa, ya goge, ya yi masa zane-zanen awo da ƙusa, ya ba matarsa. Da shi take ja layi a kan yadi har yau.

Suka sauko hawa tara, yana gaba da makullai, ƙafafunsa na tafiya da kansu. A ransa yana ta jujjuya maganar. Ƙila bai ji daidai ba. Ƙila tagar da take nufi wata irin taga ce. Ƙila ƙarfen taga ma ai yana cikin bulo, bulo yana kan ƙasa, to ba ƙasar ke nan ba? Ya riƙe wannan da hannu biyu.

A bayan gida Injiniya ta ɗaga kai ta bi bel ɗin da ido har inda ya ɓace a bayan rufin shagon. Daga ciki ana jin ƙarar keke.

“Ya kamata a ce akwai mahaɗa a nan ƙasa, inda ake kwance noti a auna turken shi kaɗai,” ta ce. “Da ramin dubawa. Baba, ina ramin?”

“Rami?”

“Mai ɗan murfi.”

“Gaskiya... an daɗe,” in ji shi. “Ban tuna ba.”

Ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da ya yi a kan aikin gidan nan.

Ta sa aka kawo tsani, ta hau ta maƙala waya a jikin bel ɗin, sama da rufin shagon. Ta ja wasu wayoyi biyu zuwa filin da ke bayan katanga, ta kafa ƙananan ƙarafa biyu a ƙasa, ɗaya nesa da ɗaya, ta danna mitarta. Ta dubi lambar. Ta sake dannawa.

“Lafiya?” in ji Ciyaman.

“Mitar nan tana faɗa mana wahalar da wuta za ta sha kafin ta shiga ƙasa. Ana son lambar ta yi ƙasa, kada ta wuce goma. Wannan ta haura ɗari da yawa.”

“Yawa ba shi ne kyau ba?”

“A nan a'a. Ko turken ya ruɓe, ko bel ɗin ya rabu da shi a bayan bangon nan.”

Baba Tsaf ya gyara murya. “'Yata, in ce dai... a misali... in ƙarfe yana cikin bulo, bulo kuma yana kan ƙasa, ai ya isa ƙasa ke nan?”

“Bulo busasshe ba hanya ba ce, Baba. Tarwatsa shi za ta yi ta wuce.”

Abin da ya riƙe ya suɓuce ke nan.

Kafin wannan lokaci masu haya sun fara taruwa, don Ciyaman ya riga ya aika labari sama da ƙasa, kuma labarin ya canza kaya a hanya. Matar hawa na shida ta sauko tana cewa an ce sandar ce ke jawo tsawa. Wani ya ce a'a, gogewar ce ke jawowa. Wani ya ce shi ya ji an ce tankin ruwa ne. Mai shagon kayan sanyi na ƙasa ya tambaya ko a kashe firji. Ciyaman ya ɗaga hannu ya yanke hukunci: abu mai sauƙi ne, a hau a cire sandar, kowa ya huta.

“In kun cire ta, ginin zai rage tsawo ne?” in ji Injiniya. “Tsawa za ta zo ko da sanda ko babu. Maganin a gyara hanyar, a ma ƙara ta biyu a ɗaya kusurwar, don gini irin wannan hanya ɗaya ta yi masa kaɗan. Amma sai na san inda wannan ta ƙare. In ba wanda ya sani, zan rubuta wa manaja, mu dawo da masu fasa bango mako mai zuwa.”

Mako mai zuwa. Baba Tsaf ya ji sanyi-sanyi a ransa, kuma ya ji kunyar jin sanyin. Mako guda ya isa ya san yadda zai yi. Zai iya kwance notin a ɓoye, ya ce haka ya tarar. In ya faɗi gaskiya, shagon ya tafi, don ramin yana ƙarƙashin daɓensa. Sunansa ma ya tafi. Mutumin da ke jera takalman mutane, a ce shi ya yanke wa gida mai hawa tara hanyar tsawa ya yi ma'aunin yadi da ita. Ina zai sa fuskarsa?

Suna cikin wannan cacar baki iska ta juya. Babu wanda ya lura da gabas sai da rana ta dushe. Hadari ya taso baƙi, can nesa aka ji rugugi. Injiniya ta yi maza ta cire wayarta daga bel ɗin ta ce a kwantar da tsanin, kowa ya shiga cikin babban gini.

Maiɗinki ta fito ta kwashe yadin da ta shanya a igiya. Ta rungumo shi, ta juya ta nufi shago, kamar yadda ta yi sau ɗari. Ba ta ma dube shi ba. Me za ta duba? Shi ya koya mata.

Bai san lokacin da ya isa ƙofar ba. Ya tsaya a bakinta, ya buɗe hannuwa.

“Malam, matsa mana, ruwa zai sauko.”

“Ba za ki shiga ba.”

“Ikon Allah. Ba kai kake cewa nan ya fi ko'ina aminci ba?”

“Ni ne,” ya ce. “Ni nake cewa.”

Ya shiga da kansa, taku uku, ya ɗauko ma'aunin daga kan teburin yanka, ya fito. Mutane suna tsaye a bakin matakala suna kallo. Ya je gaban Injiniya ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta dubi faɗinsa, ta ɗaga kai ta dubi bel ɗin da ke bango.

“Ramin yana ƙarƙashin keken,” in ji shi. “Ni na rufe shi. Ni na yanke wannan. Bakin da ya rage yana ɗaure a ƙarfen tagar can.”

“Wace tagar?” in ji Ciyaman, wanda har yanzu bai kamo zancen ba.

Injiniya ta juya wajen shagon. Ta dubi tagar, ta dubi kujerar da ke gindinta, da keken ƙarfe da ya kusa taɓa sandunan. Ta kama hannun Maiɗinki ta ce, “Mama, zo mu shiga ciki. Kowa ya tsaya tsakiyar matakala, kada a jingina da bututu.”

Ruwa ya sauko. An yi tsawa sau uku ko huɗu, duk a nesa, babu wadda ta faɗo kan gidan. Mutum wajen ashirin suka tsaya a matakala, kuma abin mamaki Ciyaman bai yi jawabi ba. Baba Tsaf yana zaune a mataki na biyu. Kowane rugugi sai kafaɗunsa su ɗaga, shi da a da yake tsayawa a ƙofa yana murmushi in ana tsawa, kamar wanda ya ci gasa.

Bayan kwana uku aka zo da guduma. Manaja ya ce shagon ba zai tsaya ba, don bel ɗin dole ya sauko miƙe, kuma ba a son mutum ya wuni a zaune a jikinsa. Baba Tsaf dai an bar masa aikinsa, bayan an yi masa faɗan da bai taɓa sha ba, a gaban mutane. Shi da kansa ya cire kwanon rufin, ya jera su a gefe, bakinsu ɗaya. Da aka fasa daɓen, ga ramin nan, ga kan turken da guntun jan ƙarfe a jikinsa, da alamar haƙoran zartonsa. Aka sa sabon bel, aka yi mahaɗa mai noti a inda hannu ke kaiwa, aka ƙara turke na biyu don na farkon shi kaɗai bai sauko da lambar ba. Mita ta nuna bakwai. Injiniya ta juyo da ita ta nuna masa.

“Yanzu kaɗan ɗin shi ne mai kyau ko?” ya tambaya, don har yanzu sai ya tsaya ya yi tunani.

“Shi ne, Baba. In kana son abin dubawa duk damina, ga shi nan. Ka ga notin nan bai saki ba, ka ga ba wanda ya taɓa bel ɗin. Sama kuwa ka bar ta ta huta.”

Keken ya koma ɗakin ƙarƙashin matakala, inda babu taga, sai ƙwan fitila ko da rana. Kwana biyu Maiɗinki ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. A rana ta uku yana zaune a bakin ƙofa yana gyara wani makulli, tana ƙoƙarin ja layi a kan yadi da gefen kwali, kwalin yana lanƙwashewa.

“Zan samo miki na katako,” ya ce.

Ta ci gaba da abin da take yi. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Duk lokacin da ka ce in shige, daɗi nake ji, ka sani? Ina zaune ana ruwa, in ce a raina, duk gidan nan babu matar da mijinta ke tunawa da ita in hadari ya taso, sai ni.”

Ya ajiye makullin a gefe. A waje iska ta fara kaɗa murfin kwandon shara, hasken ƙofa ya ragu. Ya miƙe da sauri kamar yadda ya saba, ya leƙa sama, ya juyo zai yi mata magana. Tana nan zaune a ƙarƙashin fitila tana dubansa, alli a hannunta.

“To, Malam,” ta ce. “Yau ina zan shiga?”